Yadda ake haɗa rubutun hoton bango da taken bidiyo ba tare da maimaici ba

Duk bidiyon da ka ɗora a YouTube, abu biyu ne ke fita su tari mai kallo kafin ya ji muryarka: hoton bango, wanda za ka ga an rubuta Thumbnail a wurin ɗora shi, da kuma take, wato layin rubutun da ke tare da hoton. Kuskuren da na fi gani wurin masu farawa shi ne su rubuta take, sannan su kwafe shi su manna a kan hoton da manyan baƙaƙe. Mai kallo ya karanta magana ɗaya sau biyu, bai ƙaru da komai ba, ya wuce. Wuri biyu aka ba ka na yin magana, ka yi amfani da ɗaya.

Zan bi da kai ta bidiyo guda ɗaya daga farko har ƙarshe: bidiyon minti shida a kan keken ɗinki da ke yawan tsinke zare, inda a ƙarshe aka gano an sa allurar ne a juye. Abin da ka koya a kansa za ka iya ɗauka ka kai kowane irin bidiyo.

Kayan aiki

Kana buƙatar bidiyon da ka gama haɗawa, ko aƙalla ka san abin da ke cikinsa daki-daki. Kana buƙatar takarda da biro, domin rabin aikin a takarda ake yin sa. Sai manhajar haɗa hoto da ke ba ka damar zaɓar girma da ɗora rubutu, irin su Canva ko PixelLab, duk wadda hannunka ya saba da ita. Girman da za ka buɗe shi ne fiksel 1280 a kwance da 720 a tsaye, ka ajiye shi a matsayin JPG ko PNG. Ka tanadi hotuna uku ko huɗu masu haske da ka ɗauka lokacin aikin. In ba ka ɗauka ba, ka tsayar da bidiyon a inda hoto bai girgiza ba ka ɗauki allon.

Abu na ƙarshe shi ne wayar hannu, ko da a kwamfuta kake aiki, saboda a kanta za ka yi gwaji. Ka kuma tabbata ka tantance tasharka da lambar waya, don sai an yi haka YouTube ke buɗe maka damar ɗora hoton bango naka na kanka.

1. Rubuta alƙawarin bidiyon a jimla ɗaya

Kafin ka taɓa manhaja, rubuta abin da mutum zai samu in ya kalli bidiyon har ƙarshe. Jimla ɗaya, yadda za ka faɗa wa abokinka da baki. Ga ta bidiyonmu:

"Kekenka na tsinke zare, ka yi ta murɗa abin ɗaure zare a banza, alhali allurar ce aka sa a juye, kuma gyaran bai kai minti ɗaya ba."

Wannan jimlar ba take ba ce, kuma ba za ta hau kan hoto ba. Rumbu ce da za ka riƙa ɗiba. In ka kasa rubuta ta, matsalar tana cikin bidiyon, ka koma can tukuna.

2. Yanka jimlar gunduwa-gunduwa

Ja layi ƙarƙashin kowane abu mai zaman kansa a cikin jimlar. A tamu akwai huɗu: abin da ake magana a kai, keken ɗinki, matsalar, tsinkewar zare, abin mamakin, allura a juye, sai sauƙin gyaran, ƙasa da minti ɗaya.

Yanzu ka raba su gida biyu, kuma ga ƙa'idar rabon. Take shi ne abin da mai bincike yake cin karo da shi, shi ne ke bayyana in an tura wa wani bidiyon, kuma kalmominsa suna cikin abin da YouTube ke dubawa in mutum ya rubuta abin da yake nema. Saboda haka sunan abu da sunan matsala na take ne. Rubutun da ke kan hoto kuwa kada ka dogara da shi wajen bincike. Ido ne ke karanta shi, cikin ƙiftawa ɗaya, kuma galibi kafin a karanta taken. Shi ya sa abin da ke tsayar da mutum, wato abin mamakin ko sakamakon ko adadi, shi ne rabon hoto.

A takardarka ka rubuta: take ya ɗauki keke da tsinkewar zare, hoto ya ɗauki allura. Gunduwa ta huɗu, maganar minti ɗaya, ajiye ta gefe. Ba dole ba ne komai ya fito a ƙofa.

3. Fara da take, ka rubuta shi sau biyar

Ni da take nake farawa, domin shi ne ba ya iya sauya kalmominsa yadda ya ga dama: dole ya ƙunshi abin da mutane ke rubutawa in suna nema. Ka rubuta guda biyar ba tare da ka tsaya gyara ba. Misali:

Abin da ya sa keken ɗinki yake tsinke zare
Keken ɗinki na tsinke zare? Ga inda za ka fara dubawa
Assalamu alaikum, yau za mu koyi gyaran keken ɗinki kashi na 3
Gyaran keken ɗinki mai tsinke zare cikin minti ɗaya
Allura a juye ce ke sa keken ɗinki tsinke zare

Na uku ya faɗi nan take. YouTube na ba ka damar rubuta take har haruffa 100, amma a waya ba duka ake nunawa ba, ana yanke shi da ɗigo uku bayan layi biyu ko makamancin haka, gwargwadon allon. Duk abin da ka tura ƙarshe yana iya ɓacewa, kuma wannan taken ya cinye farkonsa da gaisuwa. Gaisuwa tana da wurinta a cikin bidiyon.

Na biyar ya faɗi amsar gaba ɗaya, bai bar wa hoton aikin yi ba. Na biyu shi na zaɓa. Haruffa 26 na farko, "Keken ɗinki na tsinke zare", sun riga sun faɗi abu da matsala, don haka ko an yanke sauran ba a yi asara ba. Ragowar kuma ta buɗe wata ƙofa: ina ne za a fara dubawa? Wannan ƙofar ce hoton zai tsaya a bakinta.

4. Zaɓi hoton kafin rubutun da zai hau kansa

Mutane da yawa suna mantawa cewa hoton ma magana yake yi. Maimaici iri biyu ne: rubutun hoto ya maimaita take, ko kuma ya maimaita hoton kansa. In ka sa hoton keken ɗinki ka rubuta "KEKEN ƊINKI" a kai, ka faɗi abu ɗaya sau uku ke nan, a take, a hoto, a rubutu.

Ga bidiyonmu, kada ka ɗauki keken gaba ɗayansa daga nesa. Matso da kyamara har allurar da ƙafar da ke danne yadi su cika rabin hoton, zaren da ya tsinke yana reto, bakinsa a tarwatse kamar gashi, yatsa biyu na riƙe da yadin. Duk mai ɗinki da ya ga wannan zaren ya san shi, ya sha ganin irinsa da tsakar aiki. Hoton ya riga ya ce "tsinkewar zare" ba da kalma ko ɗaya ba. Ka bar ɗaya rabin fili, wurin da babu tarkace, domin rubutu.

5. Rubutun hoto: abin da take bai faɗa ba

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan nake ɗaukar lokaci mafi tsawo. Ka ɗauki taken a matsayin mutum na farko da ya yi magana, rubutun hoton kuma mutum na biyu da ya amsa masa. Na biyun ba zai maimaita abin da na farko ya faɗa ba. Ko dai ya amsa rabin tambayar, ko ya musanta abin da kowa ke zato, ko ya kawo shaida.

In amsa rabi za ka yi, taken ya ce "Ga inda za ka fara dubawa", hoton ya ce "ALLURAR CE", da da'ira ja a kan allurar. Mai kallo ya san wurin, amma bai san me ya sami allurar ba. Ta lanƙwashe ne, ta dakushe, ko lambarta ce ba ta dace da zaren ba? Sai ya shiga ya gani.

In musantawa za ka yi, hoton ya ce "BA ZAREN BA NE". Wannan yana da ƙarfi a inda mutane suka daɗe suna zargin abin da ba shi da laifi. Wanda ya sauya zare sau uku bai ga sauyi ba zai ji kamar da shi ake.

In shaida za ka kawo, sai ka ɗauko gunduwar da muka ajiye, hoton ya ce "MINTI 1". Irin wannan ya fi dacewa da bidiyon da darajarsa ke cikin adadi: kwana nawa, sau nawa, kafin da bayan.

A cikin ukun na zaɓi "ALLURAR CE". Dalilina shi ne mai neman gyara ba ya son a yi masa wasa da hankali. Ka ba shi wani abu na gaske tun daga ƙofa, zai yarda akwai saura a ciki. Wasu suna tsoron in sun faɗi wani ɓangare na amsar ba za a danna ba, sai su rubuta "ABIN MAMAKI!" ko "KALLI WANNAN!" Waɗannan kalmomi ba su maimaita take ba, gaskiya ne, amma ba su ƙara komai ba, kuma za su zauna a kan kowane bidiyo a duniya. Rubutun da zai dace da kowane bidiyo bai dace da naka ba.

Kalma biyu zuwa huɗu sun isa. In ka ga kana neman ta biyar da ta shida, alama ce kana rubuta take na biyu. Ka kuma bar kalmomin haɗi irin su "yadda ake" da "abin da ya sa" ga take, a hoto wuri kawai suke ci.

Akwai inda maimaita kalma ɗaya ba laifi ba ne. In bidiyon gwada abubuwa biyu ne da suka yi kama, kamar allura iri biyu, ka sa wa kowace sunanta a ƙarƙashinta ko da sunan ya zo a take. A nan rubutun lakabi ne da ke nuna wanne ne wanne. Haka nan in jerin darussa kake yi, lambar darasi a kusurwa tana taimakon mai bi.

6. Gwaji uku a takarda

Na farko, rubuta take a sama, rubutun hoto a ƙasa, ka soke duk kalmar da ta fito a duka biyun. In bayan sokewa babu abin da ya rage a layin ƙasa, maimaici ka yi. Ka lura da maimaicin da ke ɓuya a cikin wasu kalmomi: take ya ce "tsinke zare", hoto ya ce "ZARE NA YANKEWA". Kalmar ta sauya, maganar ba ta sauya ba.

Na biyu, karanta su da baki a jere, ta kowane ɓangare. "Allurar ce. Keken ɗinki na tsinke zare? Ga inda za ka fara dubawa." Sannan ka juya: "Keken ɗinki na tsinke zare? Ga inda za ka fara dubawa. Allurar ce." Dole su yi ma'ana ta duka hanyoyin, domin ba ka da iko a kan wanda ido zai fara sauka a kai. Shi ya sa ban yarda da raba jimla ɗaya gida biyu ba, a fara ta a hoto da ɗigo uku a ƙarasa a take. Wanda ya fara da taken zai tarar da magana ba kai.

Na uku, rufe taken da hannu ka nuna wa wani hoton kaɗai, ka tambaye shi a kan me yake zaton bidiyon yake. In ya ce ɗinki ne ko gyaran keke, ya isa. In ya ɗaga kafaɗa, ka gudu daga maimaici ka faɗa ɗaya ramin, inda hoto da take suka rabu kowa ya kama gabansa. Na taɓa yin irin wannan da wani bidiyon gyara: na sa fuskata kawai da kalmar "KUSKURE", ba kayan aiki ko ɗaya a hoton. Wanda na nuna wa ya zaci bidiyon nasiha ne. Na mayar da kayan aikin cikin hoton, kalmar na bar ta yadda take, sai ma'anar ta fito.

In ba kowa kusa da kai, ajiye aikin ka dawo masa bayan awa ɗaya, ka duba da idon baƙo.

7. Ɗora rubutun a kan hoton

Yi amfani da baƙaƙe masu kauri marasa ƙawa, launi mai haske a kan duhu ko mai duhu a kan haske. In bayan rubutun yana da hayaniya, sa masa baƙin gefe ko ka shimfiɗa masa launi ɗaya a ƙarƙashi. Kusurwar ƙasa ta dama ba taka ba ce, a nan YouTube ke manna tsawon bidiyon, kuma zai rufe duk abin da ka sa a wurin. Kada rubutu ya hau kan allurar, ita ce dalilin hoton.

Mu masu rubuta Hausa muna da wata matsala ta daban. Yawancin baƙaƙen ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Za ka rubuta kalma ka ga harafi ɗaya ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, ko ya koma akwatin da ba komai a ciki. Ka gwada salon da kalmar "karɓaɓɓe" ko wata mai ƙugiya kafin ka zaɓe shi. Noto Sans yana da su duka, kuma yana da nau'i mai kauri. In manhajarka ba ta da salon da ya dace, nemi kalmar da ba ta da ƙugiya. Kada ka cire ƙugiyar ka bar harafin tsirara, domin a rubutu mai kalma biyu babu mahallin da zai raba "ƙafa" da "kafa".

Da ka gama, tura hoton zuwa waya ka duba shi ƙarami, kamar faɗin yatsu biyu, wayar kuma a nisan da kake riƙe ta kullum. In sai ka matso da ita kafin ka karanta, ƙara girman baƙaƙen ko ka rage kalma.

8. Duba daƙiƙa talatin na farkon bidiyon

Hoto da take sun ɗauki alƙawari tare, farkon bidiyon ne zai cika shi. Wanda ya danna saboda "ALLURAR CE" yana son ganin allura nan da nan. In ka buɗe da tarihin yadda ka fara ɗinki, zai fita. A bidiyonmu, daƙiƙa goman farko su nuna zaren yana tsinkewa, sannan hannu ya kwance allurar ya nuna doguwar tsagar da ke jikinta, a ce wannan tsagar dole ta fuskanci ɓangaren da zare ke shigowa. Daga nan sai a zo kan sauran dalilan.

Kada ka rubuta a hoto abin da babu shi a bidiyon. In gyaran minti biyar yake ci, "MINTI 1" ƙarya ce. Ban da zubar da yardar masu kallo, dokokin YouTube sun hana take da hoton bango na yaudara.

9. Karanta sakamakon, ka sauya abu ɗaya

Bayan kwana biyu ko uku, shiga YouTube Studio, buɗe bidiyon, ka je Analytics. A ƙarƙashin Reach za ka ga Impressions, wato sau nawa aka nuna hotonka, da Impressions click-through rate, wato kashi nawa cikin ɗari na waɗannan suka zama dannawa. YouTube da kansa ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari, faɗin ya yi yawa da za ka auna kanka da shi. Ka gwada bidiyon da sauran bidiyoyinka masu kama da shi. Ka kuma sani adadin yakan sauka in aka fara nuna bidiyon ga baƙin da ba su san ka ba, wannan ba laifin hoton ba ne.

Ka haɗa wannan adadi da layin da ke nuna inda mutane ke fita, a ƙarƙashin Engagement. In dannawa ta yi ƙasa amma waɗanda suka shiga suna zama, bidiyon lafiya lau yake, ƙofar ce ba ta kira, ka koma mataki na biyar. In dannawa ta yi sama amma layin ya gangara tun farko, haɗin ya yi alƙawarin da bidiyon bai cika da wuri ba.

Duba kuma daga ina masu kallon suke zuwa. In YouTube search ne ke kawo mafi yawansu, taken yana aikinsa, kada ka taɓa kalmomin farkonsa, rubutun hoton za ka sauya. In daga Browse features suke, wato shafin farko inda ba wanda ya nemi komai, hoton ne ke ɗauke da kaya mafi nauyi, kuma a nan "BA ZAREN BA NE" na iya fin "ALLURAR CE" jan ido.

A kwamfuta, YouTube Studio yana da wurin gwada hoton bango har uku a kan bidiyo ɗaya, wanda aka fara saninsa da suna Test & compare. Yana raba su ga masu kallo, kuma yana zaɓar gwani ne da yawan lokacin kallon da kowane ya jawo, ba da yawan dannawa kawai ba. Gwajin na iya ɗaukar kwanaki har zuwa mako biyu. Ka sa hoto ɗaya da rubutu uku daban, waɗanda muka fitar a mataki na biyar, taken kuma ka bar shi yadda yake. In ka sauya hoto da rubutu da launi a lokaci guda, ko an sami gwani ba za ka san dalili ba.

In ba ka da kwamfuta ko ba a buɗe maka wannan damar ba, yi da hannu. Rubuta adadin dannawa na mako guda a takardarka tare da ranar, sauya rubutun hoton kaɗai, ka jira wani makon ka sake rubutawa. Wannan bai kai wancan inganci ba, domin masu kallon mako na biyu ba su ne na farko ba, don haka ƙaramin bambanci kada ya ruɗe ka. In kuma an nuna bidiyon sau ɗari biyu ko uku kacal, adadin bai isa a yanke hukunci da shi ba, ka ƙara masa lokaci kafin ka taɓa komai.